A Juya Mini Gwangwanin: Yadda Ake Karanta Madarar Jariri a Hoto

Yanzu ciniki da yawa a waya ake ƙulla shi, har da na madarar jarirai. Maigida yana tsaye a kanti ya ɗauki hoton gwangwani ya tura gida yana tambaya, "Wannan ce?" Wata mai saye da sayarwa ta ɗora hoto a WhatsApp ta ce kayan Ingila ne, jiya suka sauka. Wata 'yar'uwa da ke Saudiyya ko Faransa ta tura hoton abin da za ta ba mai tahowa. A duk waɗannan, hoton da ake turowa kusan iri ɗaya ne: gaban gwangwani, da sunan kamfani, da launi mai ɗaukar ido. Shi kuwa gaban gwangwani, cikin abubuwa uku da ya kamata a tabbatar, guda ɗaya kacal yake nunawa, wato matakin shekarun da aka yi madarar dominsa. Lambar rukuni da ranar lalacewa galibi suna ƙasan gwangwanin, liƙin kuma yana ƙarƙashin murfi. Wanda ya tura kuɗi bisa hoton gaba kaɗai ya sayi kifi a ruwa.

Nonon uwa dai babu kamarsa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da shi zalla har wata 6. Amma akwai jaririn da mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwa, akwai wanda uwarsa ke kwance, akwai wanda likita ya ce a haɗa masa da madara. Mu ɗauki irin wannan: jaririya 'yar wata 3 a hannun gwaggonta, nas ta ce a ba ta madarar mataki na farko, an kuma samu mai sayarwa da ta turo hoto.

Abin da ido ke fara kamawa shi ne babbar lambar da ke gaba, 1 ko 2 ko 3. A yawancin madarar da ke kasuwanninmu, irin su NAN da SMA da Aptamil, 1 na nufin daga haihuwa, 2 daga wata 6, 3 kuma daga shekara guda. A Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci za a ga an rubuta "1er âge" da "2ème âge", ta yaran da suka tasa kuma a kira ta "croissance". Sai dai lambar ba doka ce da duniya ta haɗu a kai ba. A Jamus akwai madarar da ake rubuta wa "Pre" kafin a zo kan 1, kuma 3 ɗinsu tana iya farawa daga wata 10. A Amurka kuwa, yawancin madarar jarirai ba a raba ta 1 da 2, gwangwani guda ne daga haihuwa zuwa wata 12. Saboda haka abin dogaro shi ne ƙaramin rubutun da ke kusa da lambar, wanda ya faɗi watanni ƙarara: "0-6 months", ko "from birth", ko "de 0 à 6 mois". Idan yatsan mai riƙe da gwangwanin ya rufe wurin, ko takardar farashi ta hau kansa, a ce a sake ɗauka.

Kuskure a nan ba nauyinsa ɗaya ba ta ɓangarorin biyu, kuma iyaye da yawa ba su san haka ba. Madarar mataki na farko an yi ta ne don ta zama abincin jariri gaba ɗaya, tun da ba ya cin komai sai ita. Jariri ɗan wata 8 zai iya ci gaba da shanta tare da kunu da sauran abincin da aka fara ba shi, har ya cika shekara. Ta mataki na biyu kuwa an yi ta ne don wanda ya riga ya fara cin abinci, kuma ma'aunin sinadaranta daban yake, don haka ba a ba jaririn da bai kai wata 6 ba. Idan mai sayarwa ta ce wa gwaggon nan, "Hajiya, ta ɗayan ta ƙare, amma ga ta biyun, ai duk ɗaya ne," amsar ita ce a'a. Da yarinyar 'yar wata 8 ce aka ce ta biyun ta ƙare sai ta ɗayan, babu damuwa.

Akwai kuma ƙananan kalmomi da ke canza komai alhali launin gwangwanin bai canza sosai ba. "Comfort", da "Anti-Reflux" ko "AR", da "Lactose Free", duk madara ce ta musamman don jarirai masu wata matsalar ciki ko yawan tumbuɗi, kuma ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya ce a ba da ita. Sannan a kula da madarar yara masu tasowa irin su Nido 1+ da Peak 123. Lambar 1 da ke jikinsu shekara guda take nufi. Wanda aka aika yana sauri, ya ji an ce "mai lamba ɗaya", yana iya ɗauko wadda ba a yi ta don jinjiri ba.

To, an tabbatar da mataki. Sai a ce a kifa gwangwanin a ɗauki ƙasansa. A nan ake samun layi biyu ko uku na ƙananan lambobi, waɗanda injin ya buga da ɗigo-ɗigon tawada ko ya zana a jikin ƙarfen lokacin da ake cika gwangwanin. Wasu kamfanonin a gefe suke bugawa, kusa da ƙasa, madarar kwali kuma a samanta ko a ƙasanta. Mutane sukan ruɗe saboda gwangwani yana ɗauke da lambobi iri-iri. Lambar da ke ƙarƙashin zanen layi-layin nan da ake haskawa a wurin biyan kuɗi iri ɗaya ce a kan kowane gwangwani na wannan samfurin. Lambar rajistar NAFDAC ma haka, ta samfurin ce gaba ɗaya. Lambar rukuni ita ce mai bambanta wannan gwangwani da wanda aka yi wata biyu baya. Ana gane ta da kalmar "LOT" ko "Batch" ko "BN", wani lokaci harafin "L" kawai a gabanta, wani lokacin ma babu komai sai jerin lambobi da haruffa.

Amfaninta kamar na sanin tukunya ne a gidan biki. Idan an girka tukwane biyar, mutane suka yi ciwon ciki, aka gano duk daga tukunya ta uku aka zuba musu, ba sai an zubar da sauran huɗun ba. Kamfani yana haɗa madara ne zubi-zubi, kowane zubi da lambarsa, kuma idan aka gano matsala, da wannan lambar ake kiran kaya su dawo.

An ga haka a Amurka a watan Fabrairun 2022, lokacin da kamfanin Abbott ya janye garin madarar Similac da Alimentum da EleCare da aka yi a masana'antarsa ta garin Sturgis a jihar Michigan, bayan rahotannin jarirai da suka kamu da ƙwayar cutar Cronobacter. Ba duk Similac aka janye ba. Sanarwar ta ce a duba ƙasan gwangwani, a ga ko sharuɗɗa uku sun haɗu: lambobi biyu na farko su faɗa tsakanin 22 da 37, a samu K8 ko SH ko Z2 a cikin lambar, sannan ranar lalacewa ta kasance 1 ga Afrilun 2022 ko bayanta. A ce, a matsayin misali kawai, hoton ya nuna 31845K800 da ranar lalacewa ta watan Satumban 2022. Farkonta 31 ne, ya shiga tsakani, ga K8 a ciki, ranar ma ta wuce Afrilu, don haka wannan gwangwani ba na sha ba ne. Yanzu a ce hoton ya yi dishi-dishi, mai dubawa ya karanta KB a wurin K8. Zai ce lafiya lau, ya dama wa jariri. Harafi guda ne tsakanin amsoshin biyu.

Shi ya sa ingancin hoton ƙasan gwangwani ya fi na kowane muhimmanci, kuma shi ne mafi wuyar ɗauka. Ƙarfen yana ƙyalli, idan aka kunna filashi sai hasken ya dawo ya wanke rubutun. Gara a fita waje da rana a tsaya a inuwa, a ɗan karkata gwangwanin, a goge gilashin kyamara, a taɓa fuskar wayar daidai kan rubutun har ya fito fes kafin a ɗauka. Kusantowa da yawa yana sa hoton ya dushe, ja baya kaɗan ya fi. WhatsApp kuma yana matse hoto don ya rage nauyinsa, ƙananan ɗigo su narke cikin juna. Idan aka danna "HD" kafin turawa, ko aka tura hoton ta hanyar "Document", zai iso da kaifinsa. Ko da hoton ya fito, akwai tagwayen da ke yaudarar ido a rubutun ɗigo-ɗigo: 0 da O, 1 da I, 8 da B, 5 da S, 2 da Z. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce mai gwangwanin ya rubuto lambar da hannunsa a saƙo, mai saye ma ya karanta tasa daga hoton, sannan a gwada. Inda suka saɓa, a sake ɗaukar hoto.

Kusa da lambar rukuni ake samun ranaku biyu. Ranar da aka yi madarar tana zuwa da "MFD" ko "PROD", ranar lalacewa kuma da "EXP" ko "Best before" ko "Use by". A gwangwanin Faransanci za a ga "À consommer de préférence avant". Tarkon da ke nan shi ne tsarin rubuta rana. A Nijeriya da Nijar da Turai rana ake fara rubutawa sannan wata, a Amurka kuwa wata ne a gaba. Idan aka ga 04/09/2026, a gwangwanin Turai 4 ga Satumba ke nan, a na Amurka kuwa 9 ga Afrilu, bambancin kusan wata biyar. Sai a duba ƙasar da aka yi wa madarar, kuma idan an kasa rarrabewa, a ɗauki ranar da ta fi kusa. A lissafa kuma da lokacin da za a ɗauka ana sha. Wanda zai sayi katan guda don ya kai shi wata uku bai kamata ya karɓi mai lalacewa nan da sati shida ba.

Wurin ranar nan ne masu algus suka fi taɓawa, domin madarar da ta ƙare wa'adi asara ce, sauya lamba ɗaya kuma yana mayar da ita kuɗi. A hoto mai kyau ana iya kama su. Alama ta farko ita ce sitika da aka manna a daidai inda ya kamata a ga bugun injin. Akwai sitikar halal, wadda mai shigo da kaya ke mannawa don fassara ko adireshinsa, amma ba ta da dalilin hawa kan ranar lalacewa. Ta biyu, wurin ya yi haske ko ya yi gurje-gurje fiye da sauran ƙarfen, alamar an goge da wani ruwa ko an kankare. Ta uku, layin ranar ya bambanta da layin lambar rukuni a kaurin tawada ko girman lambobi ko miƙewa, alhali inji guda ne ya kamata ya buga su a lokaci guda.

Akwai wani gwaji da ya fi waɗannan daɗi ga mai son lissafi. A yawancin kayan Nestlé, lambobi huɗu na farkon lambar rukuni ranar yin kayan ce a dunƙule: ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekara, ukun da ke biye kuma rana ta nawa ce a cikin shekarar. Idan lambar ta fara da 5046, shekarar 2025 ke nan, rana ta 46. Janairu kwana 31 ne, saura 15, wato 15 ga Fabrairun 2025. Idan ranar yi da ke rubuce a gwangwanin ta ce 15/02/2025, sun yi daidai. Idan ta ce Fabrairun 2026, wani ya gyara ranar ya manta da lambar rukuni. Haka nan tazarar da ke tsakanin ranar yi da ranar lalacewa: garin madarar jarirai galibi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ake ba shi, wasu su ɗan haura. Gwangwanin da lambarsa ke nuna 2023 amma ranar lalacewarsa ta kai 2028 abin tuhuma ne. Kowane kamfani da nasa tsarin lamba, don haka kada a ɗora wannan lissafi a kan madarar wani kamfanin.

Mu koma kan gwaggo da jaririyarta. An turo hoton gaba, ya nuna 1 da "0-6 months". An turo na ƙasa, lambar ta fito, ranar tana da sauran wata 11, babu sitika. Saura liƙi.

Murfin roba da ake gani a sama ba shi ne liƙin ba. Ainihin abin da ke tsare madarar daga iska da danshi shi ne fallen alminiyom da ke ƙarƙashinsa, wanda aka manne da bakin gwangwanin, mai ɗan kunnen da ake ja a ɓare. Wasu gwangwanayen murfinsu yana ɗaguwa ba tare da an karya komai ba, irin waɗannan sai a ce a ɗaga a ɗauki fallen daga sama, da'irar gaba ɗaya ta fito. Ana son a gan shi shimfiɗe, a manne ta ko'ina, kunnensa a kwance. Gefen da ya ɗago, ko huda, ko sawun gam, ko tattarewa a gefe guda kamar an ɓare an mayar, ko farin gari a kewayen baki, kowane ɗaya ya isa a fasa cinikin. Wasu kuma murfin nasu yana da zobe ko ɗan tsiri na roba ko sitika da sai an tsinka kafin ya buɗe. A irin waɗannan kada a ce mai kanti ya buɗe, domin da zarar ya tsinka ya lalata shaidar. Hoton tsirin daga kusa, yana nan cif bai tsinke ba, shi ake nema.

Sai jikin gwangwanin. Ƙaramar lotsewa a tsakiyar jiki, wadda ba ta yi kaifi ba, yawanci wahalar hanya ce. Wadda ta faɗa kan bakin sama ko na ƙasa, inda aka naɗe ƙarfe da ƙarfe, ita ce matsala, don nan iska ke samun ƙofa ko da ido bai ga rami ba. Tsatsa a waɗannan wurare tana nuna gwangwanin ya zauna cikin laima, abin da ke faruwa da kayan da aka jibge a ƙasan sito da damina. Idan ƙasan ko fallen ya kumbura sosai, a bar shi. Launin da ya koɗe ta gefe guda kuma yana ba da labarin gwangwanin da ya daɗe a rana a bakin shago. Garin madara dama ba a tsarkake shi daga ƙwayoyin cuta ɗari bisa ɗari ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama shi da ruwan da aka tafasa wanda zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba. Idan danshi ya shiga ta liƙin da ya ɓalle, an ƙara wa ƙwayoyin wurin zama.

Hotuna huɗu ke nan: gaba, ƙasa, sama, da gefen da ke ɗauke da lambar NAFDAC da sunan mai shigo da kaya. Madarar da aka shigo da ita Nijeriya ta hanyar da doka ta tsara tana da wannan lamba. Wadda aka ɗauko cikin jakar matafiyi ba ta da ita, kuma ko da ta gaske ce, idan matsala ta taso babu wanda za a kama a gida, sanarwar janyewa kuma sai dai a bibiye ta daga ƙasar da aka sayo.

Duk da haka akwai ramin da hotuna huɗun ba sa cikewa. Me ya tabbatar da cewa gwangwani ɗaya ne aka ɗauka a dukkansu? Ana iya ɗaukar gaban wannan, da ƙasan wancan. Hoton da ya yi tsaf da yawa, farin bango ba inuwa ba hannu, galibi daga shafin kamfani aka kwafo shi, bai faɗi komai game da abin da ke shagon ba. Maganin wannan ɗan gajeren bidiyo ne na daƙiƙa 15, ba yankewa, a juya gwangwanin a hannu daga gaba zuwa sama zuwa ƙasa. Mai gaskiya ba ta jin haushin wannan roƙo. Wadda ta fara cewa, "Haba Hajiya, ba ki yarda da ni ba ne?" ta ƙi juya gwangwanin, ni dai a wurina ta riga ta ba da amsa. Idan gwangwani shida za a saya, a ga ƙasan duka shidan, domin katan da aka harhaɗa yana iya ƙunsar rukuni daban-daban.

Hoto yana iya kore gwangwani nan take, amma ba ya iya wanke shi gaba ɗaya, tun da ba ya nuna wari, ko dunƙulewar gari, ko hudar da ta kai bakin allura. Saboda haka idan ɗan aike ya iso, kafin a sallame shi, a kifa gwangwanin a gwada lambar rukuninsa da ta hoton harafi da harafi. A danna fallen a hankali da yatsa a ji ko iska na fita. Bayan an buɗe, garin ya zama busasshe mai warwarewa, babu warin tsami ko na man da ya lalace. A rubuta ranar buɗewa a kan murfi, domin yawancin kamfanoni sati 4 suke bayarwa bayan buɗewa, wasu sati 3, kuma yana rubuce a jiki.

Hoton ƙasan nan kuma kada a goge shi daga waya ko da madarar ta ƙare, saboda jerin rukunan da ake janyewa yakan faɗaɗa daga baya. A Faransa, kamfanin Lactalis ya fara da janye rukuni 12 a farkon Disambar 2017 saboda ƙwayar salmonela a masana'antarsa ta Craon, kafin watan ya ƙare sun koma ɗaruruwa, zuwa Janairun 2018 maganar ta kai gwangwani sama da miliyan 12 a ƙasashe 83. Gwangwanin da ba ya cikin jerin farko yana iya shiga na uku. Idan lambar ta fito a wata sanarwa, a daina ba jaririn nan take, a adana gwangwanin da sauran garin don a nuna wa mai sayarwa da ofishin NAFDAC mafi kusa. Idan kuma jaririn ya fara zazzaɓi, ko amai, ko gudawa, ko ya ƙi karɓar abinci, a kai shi asibiti a ranar, a tafi da gwangwanin ko hotonsa don likita ya ga lambar.